Ina 10 ta shige?

"Malam, barka da aiki. Aikin da ka ba ni jiya na buga lambobi daga 1 zuwa 10, na rubuta `for i in range(1, 10)` amma a 9 yake tsayawa. Na mai da shi `range(10)`, layi goma cif suka fito, sai dai 10 ɗin dai babu ita, kuma ga 0 a sama. Ko kwamfutar tawa ce ke da matsala?"

Barka kadai. Lafiyar kwamfutarka ƙalau, abin da ka faɗa mata shi ta yi. A Python, lamba ta biyu da ake ba `range` ita ce bakin iyaka: za a zo dab da ita a tsaya, ba a taka ta. Lamba ta farko kuwa ana shigar da ita cikin lissafi. To idan kana son 10 ta fito, iyakar sai ta wuce ta da ɗaya:

```python
for i in range(1, 11):
    print(i)
```

Idan ka ba shi lamba ɗaya tak, ita ce iyakar, shi kuma sai ya fara daga 0. Wannan ne ya sa gyaranka na biyu ya ba ka layi goma amma ba goman da ka nema ba.

Kada ka ɗauka waɗanda suka tsara shi haka mugunta suka yi mana. Da wannan tsarin, idan ka ɗebe lamba ta farko daga ta biyu, ka sami yawan zagayen kai tsaye: 11 a ɗebe 1, saura 10. Da ka yi wannan ɗan lissafin jiya, 10 a ɗebe 1 saura 9, tun kafin ka danna komai ka san layi tara za ka gani.

Yanzu ɗaga hannunka ka duba. Yatsu biyar ne, amma ratar da ke tsakaninsu huɗu ce. Mai kafa danga ya san wannan tun ba yau ba: idan tsawonta mita 10 ne, kuma kowace mita ɗaya zai kafa dirka, dirkoki 11 zai nema, don akwai ta farko wadda ba a auna komai ba tukuna aka kafa ta. Duk wannan kuskuren na ɗaya ya yi yawa ko ɗaya ya ɓace, tushensa kenan: mutum ya ƙirga rata alhali dirka ake tambayarsa, ko ya ƙirga dirka alhali rata ake so. Daga 1 zuwa 10 taku tara ne, amma lambobi goma ne.

Na `range` ma mai sauƙi ne, don wuri ɗaya kawai za ka duba. Inda na fi kama yara shi ne `while`, saboda a can kai ne kake riƙe da komai da hannunka: inda aka fara, sharaɗin tsayawa, da kuma lokacin da ake ƙara ɗaya. Duba wannan:

```python
i = 1
while i <= 10:
    i += 1
    print(i)
```

Kallo ɗaya za ka ce daidai ne, ga 1 a sama, ga 10 a sharaɗi. Amma bi shi a hankali. `i` tana 1, sharaɗi ya yarda, aka shiga. Kafin a buga komai an riga an ƙara mata ɗaya, don haka abin da ya fara fitowa 2 ne. A can ƙarshe kuma `i` tana 10, sharaɗi ya yarda tunda daidai take da 10, aka shiga, aka ƙara, aka buga 11. Layi goma ne, amma daga 2 zuwa 11.

Abin da yaro mai gaggawa yake yi shi ne, ya hango 11 a ƙasan allo, ya ce ai ya wuce da ɗaya, sai ya cire alamar `=` ya bar `i < 10`. Ya sake gwadawa, ya ga 10 a ƙarshe, ya yi hamdala ya rufe kwamfuta. Alhali yanzu daga 2 zuwa 10 ake bugawa, layi tara, 1 ta tafi ba wanda ya yi cigiyarta. An gudu ba a tsira ba. Sharaɗin ba shi da laifi tun farko, layuka biyun ciki ne suka yi musayar wuri. Ka ɗauko `print(i)` ka sa shi sama da `i += 1`, ka bar `<=` yadda yake, shi kenan.

Ni kaina na taɓa yin irin wannan gyaran na ganin ido, a wani ɗan aiki na buga lambobin rasit. Na ƙarshe ya yi daidai, na miƙa aiki, sai da mai shago ya kira ni yana tambayar ina rasit mai lamba ɗaya. Tun ranar na daina duba ƙasan allo kaɗai.

To ga yadda nake so ka riƙa yi. Tsakiyar madauki, wato wannan zagayen na `for` ko `while`, ba ta yin ƙarya: 4, 5, 6 za su fito ko da abin da ka rubuta a karkace yake, saboda haka kada ka ɓata idonka a kansu. Lamba ta farko da ta ƙarshe za ka duba, duka biyun, ba ɗaya ba. Ka ga dalili da idonka: `range(10)` ya cika yawan layi amma bakinsa biyu duk sun goce, shi kuma wancan `while` ɗin da aka yi wa gyaran gaggawa ƙarshensa daidai ne, farkonsa ne babu.

Kuma kafin ka danna, ka faɗi abin da kake sa ran gani. Idan sai bayan ya fito za ka duba, idonka zai yarda da duk abin da ya yi kama da daidai. Goma ta yi yawa a bi da ka, don haka ka mai da ita 3, ka ɗauki biro da takarda, ka ja layi biyu a tsaye: gefe ɗaya darajar `i` lokacin da ake duba sharaɗi, gefe ɗaya abin da aka buga. Ka bi har zuwa inda sharaɗi ya ƙi. Wannan layin na ƙarshe, wanda ba a shiga ba, shi yara suke tsallakewa, kuma a nan amsar take. A madaukin da yake daidai, `i` tana kaiwa 4 kafin a fita, amma ba a buga 4 ɗin. Idan 3 ta yi, gwada da 1: dole layi ɗaya ya fito, ba biyu ba, ba kuma allo wayam ba.

In kana son kwamfutar ta taya ka, tara lambobin wuri ɗaya. Jimlar 1 zuwa 10 ita ce 55. Ka ga 65, ka san an tashi daga 2 zuwa 11. Ka ga 54, 1 ce ta ɓace. Amma 45 ba za ta faɗa maka komai dalla-dalla ba, don 1 zuwa 9 da 0 zuwa 9 duk 45 suke bayarwa, kuma kuskurenka biyu na jiya kenan. Jimla tana nuna akwai matsala, takarda ce ke nuna inda take.

Nan gaba kaɗan za ka shiga JavaScript, ka tarar da `for (let i = 1; i <= 10; i++)`. A can `<=` shi ne daidai idan lambobin kansu kake bugawa daga 1. Amma ranar da ka koma bin jerin abubuwa goma, gurabensu daga 0 suke zuwa 9, sai ka fara daga 0 ka yi amfani da `<`. Idan hannunka ya saba ya sa `<=` a wurin, za ka nemi gurbi na 10 wanda babu shi: JavaScript ya miƙo maka `undefined` shiru, Python kuwa ya tsaya ya ce `IndexError`. Na Python ya fi mini, gara a yi mini ihu da a rufe ni.

Gobe ka zo mini da 10 zuwa 1, wato a juye, da `range` sannan da `while`. Kafin ka kunna kwamfuta ka rubuta a takarda lambar da za ka sa a matsayin iyaka, da dalilinka. Takardar zan fara dubawa.