Me ya sa farashin kayana ya ƙi fitowa a fayil ɗin shago?

Tambaya: "Malam, ina sayar da kayan masarufi a Kasuwar Singa, kuma na buɗe ƙaramin shago a unguwa. Farashin kaya yana fayil ɗina na Google Sheets. Na sa IMPORTRANGE a fayil ɗin shagon don yarona ya riƙa ganin farashi da kansa, amma #REF! kawai yake nuna mini. Na sake rubutawa, babu canji. Ko lissafin nawa ne ya lalace?"

Alhaji, lissafinka ƙalau yake. Sheets ba ya barin wani fayil ya ɗebo bayanai daga wani sai an ba shi izini da hannu, ko da kuwa duka biyun na mutum ɗaya ne. Wannan #REF! ɗin jiran izinin yake, shi ya sa ko sau nawa ka sake rubutawa zai dawo.

Ga yadda za ka yi. Buɗe fayil ɗin shagon a kwamfuta, ka nemi gurbin da babu komai a ƙasansa da gefensa, ka rubuta tsuran umarnin, ba tare da ka cusa shi cikin wani ba:

```
=IMPORTRANGE("https://docs.google.com/spreadsheets/d/...", "Farashi!A2:C200")
```

Na farko adireshin babban fayil ɗinka ne, wanda za ka kwafo daga saman burauza. Na biyu sunan shafin da jerin guraben da kake so. Kowanne yana cikin alamar zance. Da #REF! ya fito, kai linzamin kwamfutar kan gurbin. Wani ɗan akwati zai bayyana yana cewa "You need to connect these sheets" ko makamancin haka, da maɓalli a ƙasansa mai suna "Allow access". Danna shi, ka jira daƙiƙa kaɗan, farashin zai sauko. Sau ɗaya ake yi tsakanin fayil biyu. Bayan nan, duk wani IMPORTRANGE da ke shagon yana jawowa daga wannan babban fayil zai yi aiki ba tare da an sake tambayarka ba.

Idan maɓallin bai fito ba, yawanci ɗayan abu biyu ne. Ko dai a waya kake, don manhajar waya ba kullum take nuna shi ba, ko kuma an lulluɓe IMPORTRANGE ɗin cikin QUERY ko IFERROR. IFERROR ya fi ɓatar da mutane, domin aikinsa ɓoye kuskure ne, sai ya ɓoye maɓallin ma, ka ga gurbi wayam ka ɗauka kaya ne babu. Rubuta tsuran a wani gurbi na dabam, ka ba da izini, ka goge shi, sauran su farfaɗo.

Ka riƙa karanta rubutun cikin akwatin, don ba kowane #REF! ne na izini ba. In ya ce ba ka da izinin shiga wancan fayil, to asusun Gmail ɗin da ka shiga da shi ne ba a ba damar ganin babban fayil ɗin ba, abin da yake yawan samun masu asusu biyu a kwamfuta ɗaya. In ya ce bai ga shafin ba, duba sunan, wataƙila "Farashin kaya" ka sa masa ka rubuta "Farashi". In kuma ya ce zai danne wasu bayanai, akwai rubutu a guraben da farashin zai sauka, sai ka share su.

Amma kafin ka danna maɓallin nan, tsaya tukuna, domin abin da ya fi damuna a tambayarka yana nan.

Izinin da za ka bayar ba na shafin Farashi kaɗai ba ne. Na fayil ɗin ne gaba ɗayansa. Da ka danna, duk wanda ke da ikon gyara fayil ɗin shago zai iya jawo kowane sashe na babban fayil ɗinka, ko da ba ka taɓa buɗe masa shi ba. Na san yadda fayil ɗin 'yan kasuwa yake: farashin sayarwa a shafi ɗaya, kuɗin sari a na biyu, masu bashi a na uku. A ce ka saro katan ɗin taliya a kan Naira 17,500 kana sayarwa 18,200, kuɗin sarin yana layin D, kai kuma ka jawo A zuwa C kawai. Yaronka zai ga umarnin a fili idan ya taɓa gurbin. Ya canza C200 zuwa D200, shi ke nan, ribarka ta Naira 700 a kowane katan ta bayyana a gabansa. Ko sunan shafi ba lallai ya sani ba, don idan ba a sa sunan ba, shafin farko ake jawowa. Ɓoye shafi ko layi ba ya hana wannan. Kulle gurbin da umarnin yake ma bai wadatar ba, tunda zai iya rubuta nasa a wani gurbin.

Ba ina zargin yaronka ba ne. Sai dai sirrin sari da sunayen masu cin bashinka amana ce a hannunka, kuma wayar yaron shago tana shiga hannu da yawa.

In aikinsa duba farashi ne kawai, ba shi matsayin Viewer a fayil ɗin shagon, magana ta ƙare, don mai kallo ba ya iya rubuta umarni. In kuwa a nan yake rubuta cinikin yau da kullum, dole ya zama Editor, to sai ka sa fayil na uku a tsakiya. Buɗe sabon fayil, ka sa masa suna Farashin Shago, kai kaɗai ke da ikon gyara shi. A cikinsa ka jawo A2:C200 daga babban fayil, ka ba da izini. Sannan fayil ɗin shagon ya jawo daga wannan na tsakiya, ka sake ba da izini. Yanzu ko yaron ya canza umarnin yadda ya ga dama, iyakar abin da zai samu shi ne sunan kaya, awo da farashin sayarwa. In ya gwada adireshin babban fayil, #REF! zai tarar, kuma ba shi da ikon buɗe shi. Idan ka riga ka haɗa fayil ɗin shagon da babban kai tsaye, goge umarnin ba ya janye izinin. Mafi sauƙi ka buɗe wa shagon sabon fayil, ka daina amfani da tsohon, ka cire yaron daga cikinsa. Ka sani dai cewa sabon farashi kan ɗan jinkirta kafin ya ratsa fayil biyu, don haka ranar da kasuwa ke motsi, ka kira shi a waya ka tabbatar ya gani.

Sannan kai da kanka za ka danna "Allow access", da asusunka. Izinin yana rataye ne a wuyan wanda ya bayar da shi. Idan akawunka ne ko wani yaro mai ilimin kwamfuta ya danna, ranar da kuka rabu ka cire shi daga babban fayil, haɗin zai yanke, #REF! ya cika shagon da safe ana tsaka da ciniki. Haka nan idan kana yin "Make a copy" a farkon kowane wata don buɗe sabon lissafi, Sheets yana ɗaukar kwafin a matsayin sabon fayil, zai sake neman izini. Ka ba da shi tun daren ƙarshen wata, ka ga farashin ya sauko da idonka, kafin ka tura wa yaron adireshin.