"An ɗage wa'adi": ɗagewa zuwa yaushe?

Tambaya: Malam, ni ke jagorantar aikin gyaran ajujuwa shida a wata firamare. Waɗanda suka ba mu aikin sun ƙara mana ginin banɗaki huɗu, sun cire fentin katanga, ranar miƙa aiki kuma ta tashi daga 14 ga Maris zuwa 11 ga Afrilu. Zan tura wa ma'aikatana imel da Hausa. Na rubuta "hurumin aiki ya canza, an ɗage ajalinsa", kuma ina so in rufe da "sannu ba ta hana zuwa". Ya yi?

Amsa: Injiniya, fara cire "ajali". Kalmar Larabci ce, asalinta lokacin da aka yanke wa abu, don haka ba ka yi kuskure a ƙamus ba. Amma a bakin Bahaushe ta kusa zama ta mutuwa kaɗai: ajali ya yi kira, ya gamu da ajalinsa. Birkila ya karanta "ajalin aiki", sai ya zaci kwangilar ce ta mutu. Abin da kake nema shi ne "wa'adi". Ita ma daga Larabci take, tushenta alkawari, shi ya sa take ɗauke da nauyin rana da aka sa kuma ake jiran a cika. Ana ba da wa'adi, yana cika, ana ƙara shi.

Inda na fi jin tsoro shi ne "ɗage". Wannan aikatau fuska biyu gare ta. In aka ce an ɗage taro zuwa Litinin, an matsar da shi gaba ke nan. In kuwa aka ce an ɗage dokar hana fita, an janye ta ne ɗungurungum. To "an ɗage wa'adi" tsirararta, wanne ake nufi? Mai son hutu zai zaɓi na biyun, kuma ba ka da bakin kama shi. Maganinta kalma ɗaya ce, "zuwa", sai kwanan wata ya biyo baya. Ko ka ce "an ƙara wa'adi da mako huɗu", wadda ba ta da ƙofar zillewa. Kada ka taɓa "dakatar", domin ita tsayar da aiki take nufi. Haka "jinkirta": tana nuna a sassauta ko a fara a makare, alhali kai aiki ne ya ƙaru.

"Hurumi" kuwa filin da aka keɓe ne, irin na bayan gari ko maƙabarta, daga nan ta koma iyakar ikon mutum, kamar yadda alƙali kan ce shari'a ba ta cikin huruminsa. Ka ce hurumi ya canza, za a fara tambayar wa aka sauke. Ni dai ban ga dalilin farautar kalma guda a nan ba. Faɗi abin da aka ƙara da abin da aka cire. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum. Ina sanar da ku an yi sauyi a aikinmu. An ƙara ginin banɗaki huɗu a kan gyaran ajujuwa shida, an kuma cire fentin katanga. Saboda haka an ƙara mana mako huɗu: za mu miƙa aiki ranar Juma'a 11 ga Afrilu maimakon 14 ga Maris. Wa'adin rufin ajujuwa bai canza ba, yana nan 28 ga Fabrairu."

Jimlar ƙarshen nan kada ka raina ta. Da zarar mutane sun ji an ƙara lokaci, kowa zai ɗauka har da nasa ɓangaren. Ka kuma lura na ce "ranar Juma'a". "Kafin Juma'a" na nufin Alhamis ce ta ƙarshe, "za mu miƙa aiki zuwa Juma'a" kuma ta sha haddasa musu.

Saura karin maganar. Ka yanko rabinta ne. Cikonta shi ne "sai dai a daɗe ba a je ba", kuma duk wanda ya karanta zai ƙarasa ta a zuciyarsa. Magana ce ta rarrashin wanda ya gaji da jira, ba ta shugaban da ya ɗora wa mutane ƙarin gini ba. Daga bakinka za ta zama lasisin jan ƙafa. Wadda ta dace da halin da kuke ciki ita ce "in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya", don tana nuna sauyin daga sama ya zo, ba laifin kowa ba ne, kuma kowa zai gyara taku. Sai dai ka sa ta bayan kwanakin wata. In akwai dattawa a cikin masu karantawa, ka haɗa da "a yi haƙuri da ƙarin nauyin", domin kafinta mai furfura ba lallai ya ji daɗin yaro ya ce masa ya sauya rawa ba.