Dalilin da ya sa jan rubutu ke dishi-dishi a bidiyo

Tambaya: "Daga Ringim nake, ina haɗa bidiyon biki. Jan rubutu kan baƙin fage yana fitowa dishi-dishi, fari kuwa tangaran. Me ke jawo haka?"

Ɗan'uwa, laifin 4:2:0 ne, tsarin da yawancin bidiyo ke bi. Ido ya fi lura da haske fiye da launi, shi ya sa a cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoton ake adana hasken kowane ɗigo, amma ɗigo huɗu su raba launi ɗaya. A bidiyon 1920x1080, launin 960x540 ne kawai.

Fari kan baƙi bambancin haske ne, don haka gefensa ke fita ras. Ja kuwa haskensa kaɗan ne, siffar harafin ta dogara da launi, sai gefen ya yi naso kamar rini. Ka ƙara kaurin haruffan, ka zagaye su da farin layi.