Yadda ake sanyaya wasiƙar fushi da Faransanci

Tambaya: Wani kamfani a Yamai ya riƙe mini kuɗin aiki wata uku, na rubuta musu « Vous vous moquez de moi ! », wato kuna raina mini hankali. Yaya zan gyara?

Amsa: Jimlar nan zargi ce, ka share ta, domin fara irin wannan jimla da « vous » yana nuna mutum da yatsa. Ka bar maganar a kan kuɗin: « Sauf erreur de ma part, la facture reste impayée », wato idan ban yi kuskure ba, har yanzu ba a biya ba, wanda ke ba su hanyar gyarawa ba tare da kunya ba. Sannan ka nemi biya da « Je vous saurais gré de », wato zan yi muku godiya idan kun yi kaza, kana faɗin ranar da kake jira, ka kuma kula cewa « saurais » ne, ba « serais » ba.