Ya amsa laifi a hannun jandarma, an ɗaure shi

Tambaya: Ƙanena ya amsa laifin sata a hannun jandarma a Garwa saboda duka, kotu ta ɗaure shi. Akwai mafita?

Akwai, ɗan'uwa, amma ka hanzarta. A Kamaru kwana 10 doka ta bayar a ɗaukaka ƙara bayan hukunci, a rubuce, a ofishin magatakardar kotun da ta yanke shi.

Amsa laifi saboda duka na cikin manyan abubuwan da ke kai marar laifi kurkuku, kuma doka ba ta karɓar irinsa a matsayin hujja. Sai dai faɗa da baki ba ya isar alƙali. Ku nemi takardar likita tun tabon bulala bai baje ba, lauya ya duba kwanakin da aka tsare shi, ya ga ko sun wuce abin da doka ta yarda.

In wa'adin ya wuce, sai neman Kotun Ƙoli ta sake duba shari'ar, ita kuwa sabuwar hujja take so, misali a kama ainihin ɓarawon.