Hausa a baki ko a allo?

Tambaya: Zan gabatar da lacca kan takin zamani a Gombe, rabin masu zuwa manoma ne, rabi jami'an gona masu Turanci. Wane yare zan sa a allo, wanne zan yi magana da shi?

Malam, yi maganarka da Hausa, Turancin ka bar shi a allo. Dalili kuwa, jami'an nan kusan dukkansu suna jin Hausa, amma manomi da yawa karatun boko ba ya yi masa sauri, wani ma ajami ya iya, to ka ga ko Hausar ka rubuta a allo ba ta kai gare shi ba, kunnensa ne ƙofarsa.

Amma fa kar ka cika allon da jimloli. Hoton buhu, da NPK 15-15-15, da kilo 50, shi ke nan. Kai kuma da baki ka ce "buhu ɗaya", ka nuna murfin kwalba ka ce ga abin da za a zuba wa kowane gindin masara.

Ni na taɓa yin akasin haka a Bauchi, ina karanta Turanci ina fassarawa layi-layi, laccar minti 20 ta koma 40. Kafin in kai rabi dattawan baya sun fara jan carbi, jami'an kuma suna ta latse-latsen waya.