Mahaifiyata Tana Tsoron Kwana Ita Kaɗai: Wajibi Ne In Riƙa Kwana a Ɗakinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ta haura shekara 75, tana zaune a gidana tun bayan rasuwar mahaifinmu. Da rana lafiyarta lau, amma da zarar an yi Magariba sai hankalinta ya tashi, ta yi ta tambayar ko an rufe ƙofa, ko za mu gudu mu bar ta. Ba ta yarda da kowa sai ni. Nakan ce mata a nan zan kwana, in barci ya ɗauke ta in sulale, in ta farka ta yi ta kuka tana kiran sunana. Matata ta fara ƙorafi, jam'in Asuba ma yana wuce ni. Mu huɗu ta haifa. Mene ne ya wajaba a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka maka da alheri.

Abin da ya wajaba shi ne kada a bar ta cikin firgici ba mai amsa kiranta. Wannan wajibi yana kan ku huɗun, gwargwadon ikon kowa, idan wani ya tsaya ya sauke wa sauran, idan kuka yi watsi da shi duk kun yi laifi. Amma a ce kai kaɗai ne za ka kwana a ɗakinta kullum har ƙarfinka ya ƙare, gidanka ya girgiza, shari'a ba ta ɗora maka haka ba.

A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah ya ce idan ɗayansu ko dukansu biyu suka tsufa a wurinka, kada ka ce musu "tir", kada ka tsawace su, ka gaya musu magana mai daraja. Dubi yadda ayar ta ware lokacin tsufa, ta kuma ce "a wurinka". Wanda yake nesa ba ya gajiya da iyayensa. Mai gajiya shi ne wanda aka tasa ƙarfe 2 na dare aka yi masa tambayar da ya amsa sau biyar, kuma shi ayar take yi wa magana. Tsoron dare ga tsohuwar da ta rasa mijin da ta saba jin numfashinsa kusa da ita buƙata ce ta gaske, kamar yunwa. Imam Ahmad ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Annabi (SAW) ya hana mutum ya kwana shi kaɗai. Don haka kada wani ya ce mata raunin imani ne ko rashin tawakkali. Wannan maganar takan fito daga bakin 'ya'ya, tana kuma ƙona zuciyar tsoho matuƙa.

Abin da na fi so ka gyara tun daren yau shi ne sulalewar nan. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro ta ce zo in ba ka, sai Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Idan wannan ne hukuncin lallashin yaro, ina ga uwa? Bayan haka, dabarar ita ce take ƙara ciwon. Duk daren da ta farka ta tarar ba ka nan, ta samu hujjar cewa tsoronta gaskiya ne, gobe kuma za ta ƙi runtsawa don ta yi gadinka. Gaya mata gaskiya: "Mama, zan zauna har ki yi barci, wance za ta kwana a nan, ni ina ɗakin can, ki kira zan zo." Idan ta kira, ka zo, ko da minti biyu za ka yi. Cika wannan alkawarin dare bayan dare shi ne abin da zai sa ta fara amincewa da wani ba kai ba.

Matarka tana da haƙƙin kwana da zama da kai. Bukhari ya ruwaito maganar Salmanu ga Abud Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa, Annabi (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Jinyar mahaifiyarka ba wajibi ba ce a kan matarka, in ta taimaka kyautatawa ce, sai ka gode mata. Ka tara 'yan'uwanka ku raba dararen mako: misali kai biyu, biyu daga cikinsu bibbiyu, na nesa ya ɗauki nauyin amintacciyar mace mai kwana da ita a daren da ya rage. 'Ya'ya mata suna cikin wannan, da fahimtar mazajensu. Sabon mai kwana ya fara zama tare da kai na 'yan kwanaki kafin a bar su su biyu, kuma su ne za su zo inda take, domin yawo da tsoho gida-gida yakan ƙara rikita shi.

Game da Asuba, idan fitarka tana jefa ta cikin firgicin da ake tsoron ta faɗi ko ta bi bayanka cikin duhu, ba kuma wanda zai maye gurbinka, kana da uzuri, ka yi sallarka a gida cikin lokacinta. Malamai sun lissafa jinyar makusanci cikin uzuran barin Juma'a ma, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Ibnu Umar ya bar Juma'a ya tafi wurin Sa'idu ɗan Zaidu da yake rashin lafiya. Ranar da wani yake tare da ita, uzurin ya faɗi, sai ka tafi masallaci.

Kafin barci ku karanta Ayatul Kursiyyu tare, da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, sannan Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku, a tofa a tafin hannu a shafe jiki, kamar yadda A'isha (RA) ta ba da labarin Annabi (SAW) yana yi da waɗannan surori uku. A bar mata fitila mai sauƙin haske, a share hanyar bayi.

Sai dai ka ce tashin hankalin yana farawa ne da faɗuwar rana, ga maimaita tambaya, wannan ya sa nake ganin kai ta wurin likita yana cikin kyautata mata. Likitoci sun san irin wannan ruɗanin yamma a masu ciwon mantuwa, kuma baƙin cikin rashin miji, da ciwon jiki, da wasu magunguna duk suna jawo shi. Idan ruɗanin ya sauko farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko numfashinta yana sarƙewa in ta kwanta, kada a jira, a kai ta a ranar. Sayen maganin barci a zuba mata a ɓoye don gida ya huta bai halatta ba, domin yana ƙara wa tsofaffi ruɗewa da faɗuwa. Sai abin da likita ya rubuta bayan ya duba ta.

Wallahu a'alam.